Babi na Shida: Me Ke Biye da Z?

Ga tambaya irin wadda ake samu a jarrabawar shiga sakandare da ta neman aiki, a sashen da ake gwada kaifin tunani:

R, V, A, G, N, ?

Ana so ka faɗi harafin da ya kamata ya zo a gurbi na shida. Yawancin ɗalibai idan suka ga irin wannan sai su ƙura wa haruffan ido, suna jiran amsa ta faɗo musu, ko su shiga rera abacada a zuci suna lanƙwasa yatsu. Daga R zuwa V ba wuya. Amma da an zo V sai kuma ga A, lissafi ya dagule, domin A tana can farkon jeri, ita kuwa V tana dab da ƙarshe. A nan ne mutum yake cewa jerin ba shi da kai, ya canki amsa ya wuce. Jerin kuwa yana da ƙa'ida, kuma mai sauƙi ce. Za mu warware shi, amma sai mun tanadi kayan aiki.

Abu na farko shi ne a daina kallon harafi a matsayin harafi. Wanda ya tsara tambayar da lambobi ya fara, daga baya ya mayar da su haruffa. A ita ce 1, B ita ce 2, C ita ce 3, haka har zuwa Z wadda take 26. Aikin mai amsawa shi ne ya mayar da haruffan lambobinsu, ya duba tazarar da ke tsakanin kowace lamba da mai bi mata. Ɗauki C, F, I, L. A lambobi 3, 6, 9, 12 ke nan. Kowane taki uku ne, saboda haka na gaba 15 ne, wato O.

Dole in tsaya a nan in ja kunnen mai karatu Bahaushe a kan wani abu da ya shafe mu musamman. Haruffa 26 da ake nufi su ne na Turanci, waɗanda kuma su ne na Faransanci a jeri iri ɗaya, don haka ɗalibin Kano da na Maraɗi ma'auni guda suke amfani da shi. Abacadar Hausa daban take. Muna da ɓ da ɗ da ƙ, muna da sh da ts, ba mu kuma da p da q da v da x a kalmominmu na asali. Wanda bakinsa ya saba da jerin Hausa zai iya tashi daga O ya dira a kan R, ya manta akwai P da Q a tsakani, ko ya saka ƙ bayan k. Kuskuren gurbi ɗaya ya isa ya rushe amsa baki ɗaya. Duk abin da ke cikin wannan babi a kan jerin 26 yake.

Haddace gurbin kowane harafi yana da amfani, amma ba sai an haddace duka a tashi ɗaya ba. Masu koyar da ɗaliban jarrabawar neman aiki a Indiya suna da wata dabara da suke kira EJOTY. Haruffa biyar ne da suka faɗa a kan biyar-biyar: E ita ce 5, J 10, O 15, T 20, Y 25. Idan ka riƙe waɗannan, babu harafin da ya fi taki biyu nisa da ɗayansu, in ban da A da B, waɗanda kowa ya san gurbinsu. Kana neman R? Taki biyu ce kafin T, wato 18. Kana neman V? Taki biyu ce bayan T, wato 22. N tana dab da O ta baya, 14 ke nan. G kuwa biyu ce bayan E, wato 7. Cikin daƙiƙu kaɗan tambayarmu ta koma 18, 22, 1, 7, 14.

Yanzu a duba tazara. Daga 18 zuwa 22 an ƙara 4. Daga 22 zuwa 1 an rage 21. Daga 1 zuwa 7 an ƙara 6. Daga 7 zuwa 14 an ƙara 7. Idan aka jera su sai a ga 4, sai wata baƙuwar lamba, sai 6, sai 7. Ido da kansa yana faɗa maka cewa 5 ce ya kamata ta zauna a wurin baƙuwar. To gwada: 22 a tara da 5 ya ba da 27. Babu harafi na 27. Abin da mai tambayar ya yi shi ne, da ya kai Z bai tsaya ba, ya koma kan A ya ci gaba da ƙirga. Daga V: W ɗaya, X biyu, Y uku, Z huɗu, A biyar. Ashe ba a rage 21 ba, 5 aka ƙara, sai dai an zagayo.

Da agogo za a fi gane wannan. Idan yanzu ƙarfe goma ne, aka ce ka dawo bayan awa biyar, ba za ka nemi ƙarfe goma sha biyar a fuskar agogon bango ba, ƙarfe uku za ka dawo. Ka ɗebe 12 daga 15 ba tare da ka ma lura ba. Haruffa ma haka ne, sai dai zagayensu 26 ne maimakon 12. Duk lambar da ta haura 26, ɗebe 26 daga cikinta: 27 ta zama 1, wato A, 28 ta zama B, 31 ta zama E. Masana lissafi suna da cikakken fanni a kan wannan, kuma Bajamushen nan Carl Friedrich Gauss ne ya tsara shi a littafinsa Disquisitiones Arithmeticae na shekarar 1801. Amma abin da mai jarrabawa yake bukata daga fannin bai wuce wannan ɗebewar ba.

Mu ƙarasa tambayar. Takin yana tafiya 4, 5, 6, 7, saboda haka na gaba 8 ne. N ita ce 14, a tara da 8 ya zama 22. Amsa ita ce V. Ɗalibai da yawa sukan kai nan daidai sannan su janye hannu, wai ai V ta riga ta fito a jerin, ba za ta sake fitowa ba. Wannan tsoro ba shi da tushe. Tunda haruffan a zagaye suke, babu abin da ya hana a sake taka wanda aka taka a baya. Hasali ma akwai hanyar tabbatarwa: daga V ta farko zuwa V ta biyu an yi taki 5 da 6 da 7 da 8, jimillarsu 26 cif. An yi zagaye ɗaya cikakke, dole a dawo inda aka tashi.

Darasin da ya fi kowanne muhimmanci a wannan misali shi ne cewa kowace tazara fuska biyu gare ta. Daga V zuwa A, kana iya cewa an koma baya taki 21, kana iya cewa an ci gaba taki 5, duka biyun gaskiya ne, kuma in ka haɗa su 26 za su ba ka. Saboda haka duk lokacin da ka jera tazara ka ga wata lamba babba ta fito a tsakiyar ƙanana, musamman idan ta juya akalar tafiyar, kada ka yi saurin cewa ƙa'idar ta karye. Ɗebe ta daga 26 ka ga abin da zai fito. Mafi yawan lokaci lambar da ta fito ita ce wadda ta dace da 'yan uwanta. Wannan ita ce alamar da ake gane zagaye da ita.

Tafiya da baya ta fi kayar da mutane. Duba H, E, B, sannan a ce me ke biye. Lambobin su ne 8, 5, 2, ana rage uku-uku. Idan aka ɗebe 3 daga 2 an faɗa ƙasa da sifiri da ɗaya. Nan take zuciya takan ce Z ce, tunda ita ce ta farko daga ƙarshe. Ba ita ba ce. Ƙirga da yatsa daga B: A ɗaya, Z biyu, Y uku. Amsa Y ce. Dalili shi ne Z tana zaune ne a gurbin sifiri, ita ce take dab da A ta baya, kamar yadda sha biyu take dab da ƙarfe ɗaya a agogo. Ƙa'idar ita ce, idan lissafi ya kai sifiri ko ya gangara ƙasa da shi, a ƙara 26. Sifiri da 26 ya ba da 26, wato Z. Ɗaya ƙasa da sifiri ya ba da 25, wato Y. Biyu ƙasa da sifiri ya ba da 24, wato X. Bayan Y a jerin namu sai 22, wato V, daga nan tafiya ta miƙe.

Wannan gurbin sifiri yana da wani tarko kuma ga masu amfani da rabawa. Idan lamba ta yi girma, maimakon a yi ta ɗebe 26 sau da yawa, gara a raba ta da 26 a riƙe abin da ya saura. 64 a raba da 26 ya shiga sau biyu, saura 12, wato L. Hanya ce mai kyau. Amma 52 a raba da 26 ba ya barin komai, kuma babu harafi mai lamba sifiri a jerin da ya fara da A a matsayin 1. Idan babu saura, harafin Z ne. Masu rubuta manhajar kwamfuta sukan kauce wa wannan ta hanyar ba A lamba sifiri, Z kuma 25, ko su rubuta ƙa'idar haka:

```
((n - 1) mod 26) + 1
```

A gwada da 52: an ɗebe ɗaya ya zama 51, an raba da 26 saura 25, an mayar da ɗayan ya zama 26.

Akwai lambobi biyu da suke rikita ɗalibai saboda kusancinsu, 26 da 27, alhali aikinsu daban ne. Ta zagaye ita ce 26. Ita kuwa 27 ta kishiyar harafi ce, wato harafin da ke daidai gurbinsa idan aka faro ƙirga daga ƙarshe. A da Z kishiyoyi ne, 1 da 26, jimilla 27. B da Y, 2 da 25, jimilla 27. Haka har zuwa M da N a tsakiya, 13 da 14. Idan tambaya ta ce harafi na bakwai daga ƙarshe, 27 a ɗebe 7 ya ba da 20, wato T. Jeri kamar A, Z, D, W, G, T a kan wannan aka gina shi: na farko da na uku da na biyar suna hawa uku-uku, 1, 4, 7, kowanne kuma kishiyarsa na biye da shi. Na gaba J ce, sannan Q. Wanda ya ɗauki tazarar wannan jeri a miƙe zai ga lambobi suna tsalle sama da ƙasa a kowane taki, kuma wannan alama ce ta cewa jeri biyu aka saƙa cikin juna. Zagaye sau ɗaya yake fitar da baƙuwar lamba, sannan tafiya ta daidaita. Saƙaƙƙen jeri kuwa a kowane taki yake tsalle.

Mu ɗauki wani misali da ya haɗa hanyoyin biyu, domin a nan ne ake gane wanda ya fahimta:

UC, XA, AY, DW, ?

Idan haruffa suka zo bibbiyu ko uku-uku, kowane gurbi da nasa jerin. A raba su. Haruffan farko su ne U, X, A, D, wato 21, 24, 1, 4. Tazara 3 ce, sai ragin 23, sai 3. A ɗebe 23 daga 26, saura 3. To taki uku ne gaba ɗaya, an zagayo ne tsakanin X da A. Na gaba 7 ne, G. Haruffa na biyu su ne C, A, Y, W, wato 3, 1, 25, 23. An rage 2, sai ƙarin 24, sai ragin 2. A ɗebe 24 daga 26, saura 2. Taki biyu ne da baya, an zagayo ta ɗaya ɓangaren tsakanin A da Y. Na gaba 21 ne, U. Amsa GU. Mai tambayar da gangan ya sa jerin biyu suka tsallake iyaka a taki ɗaya, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, don ya ga wa zai ruɗe.

Inda takin yake girma da sauri, zagayen yana ɓoye ƙa'idar fiye da haka. A, D, I, P, Y su ne 1, 4, 9, 16, 25, wato kowace lamba sau kanta: ɗaya sau ɗaya, biyu sau biyu, har biyar sau biyar. Na gaba shida sau shida ne, 36, a ɗebe 26 saura 10, wato J. Bayanta 49, saura 23, W. Bayanta 64, L. Wanda aka ba shi jerin daga farko zai gane shi nan da nan. Amma a ce an ba ka daga tsakiya, P, Y, J, W. Lambobin 16, 25, 10, 23 ba su yi kama da komai ba. Shawarata a nan ita ce a warware zagayen: duk inda lamba ta faɗo, a ƙara mata 26, ita da duk masu bi mata. Sai su koma 16, 25, 36, 49, ƙa'idar ta fito fili.

Ba kowa ne yake zagayowa ba idan ya kai ƙarshen haruffa, kuma tarihi ya nuna mana hanyoyin biyu. Marubucin Rum Suetonius ya ba da labarin cewa Julius Caesar, idan zai rubuta abin sirri, yakan musanya kowane harafi da wanda ke gabansa da taki uku, ya rubuta D a wurin A. Har yau da sunansa ake kiran wannan hanya, kuma yadda ake koyar da ita yanzu da haruffa 26, ana zagayowa: X ta zama A, Y ta zama B, Z ta zama C. Kalmar ZAKI sai ta koma CDNL. Mai karɓar saƙon ya koma baya taki uku, C ta mayar da shi Z. Amma Suetonius ɗin ya ce Augustus, wanda ya gaji Caesar, taki ɗaya yake matsawa, B a wurin A, C a wurin B, kuma idan ya zo kan X, inda jerin nasa ya ƙare, sai ya rubuta AA. Bai zagayo ba, ya ninka harafin farko ne. Duk wanda ya taɓa buɗe Excel ya ga irin wannan: bayan ginshiƙin Z, na 27 sunansa AA. Saboda haka zagaye yarjejeniya ce da masu tsara tambayoyi suka ɗauka. Idan amsoshin da aka jera maka harafi ɗaya-ɗaya ne kuma lissafinka ya haura 26, zagayowa ake nufi.

Zagayen yana da wata ɗabi'a da take ba ni sha'awa, kuma tana da amfani a ɗakin jarrabawa. Ɗauki S ka yi ta ƙara huɗu: S, W, A, E, I, M, Q, U, Y, C, G, K, O, sannan S kuma. Haruffa 13 kawai aka taka aka dawo gida, sauran 13 ba za a taɓa su ba ko da an shekara ana zagayawa. Dalili shi ne 26 biyu ce sau 13. S ita ce 19, lambar da ba ta rabuwa biyu daidai. Ƙara mata huɗu ba zai sauya wannan ba, ɗebe 26 ma ba zai sauya shi ba, tunda 4 da 26 duka suna rabuwa biyu. Don haka a jerin da takinsa yake 2 ko 4 ko 6, idan ka faro daga harafi mai lamba mara, kamar A ko C ko S, amsarka ba za ta taɓa zama B ko D ko Z ba. Idan ta fito haka, ka yi kuskuren gurbi ɗaya, kuma mafi yawanci a wajen tsallake iyaka ne. Taki 13 ya fi kowanne gajeren zango: A, N, A, N. Shi ya sa hanyar ɓoye rubutu da ake kira ROT13 ita ce kuma hanyar buɗe shi, in ka yi ta sau biyu ka dawo kan rubutun asali. Taki irin 3 ko 5 ko 7 kuwa sai ya ratsa haruffa 26 duka kafin ya maimaita.

Wani kuskure ƙarami mai yawan aukuwa shi ne haɗa taki da yawan haruffan da aka tsallake. Daga Y zuwa B an tsallake haruffa biyu, Z da A, amma taki uku ne. Wasu littattafan da tsallake suke bayani, wasu da taki. Kowanne ka ɗauka ya yi, muddin ba ka sauya a tsakiyar jeri ba. Ni taki nake ba da shawara a riƙe, domin shi ne yake fitowa kai tsaye idan ka ɗebe lamba daga lamba.

Hanyar lambobi tana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Ba kowane jerin haruffa ne aka gina a kan gurbi ba. L, L, T, L, A, J, A ba za su ba ka wata tazara mai ma'ana ba komai zagayen da ka yi, domin farkon sunayen ranaku ne daga Lahadi zuwa Asabar. Wani lokaci kuma hanyoyi biyu sukan yi karo. A, E, I su ne 1, 5, 9, taki huɗu-huɗu, wanda zai kai ka M. Amma kuma su ne wasula ukun farko, wanda zai kai ka O. Haka A, B, D: idan takin yana hawa 1, 2, 3 ne, G ce ke biye, idan ninkawa ake yi, 1, 2, 4, 8, H ce. Haruffa uku ba su isa su tsayar da ƙa'ida ɗaya ba, kuma tambayar da aka tsara da kyau takan ba da huɗu ko biyar. Idan ka haɗu da gajeriya, amsoshin da aka jera ne za su raba gardama.

Zagaye yana ƙara wannan haɗari, domin tunda kowace tazara tana da fuska biyu, mai naci zai iya ƙirƙiro ƙa'idar da za ta halatta kusan kowace amsa. Ma'aunin da nake bi shi ne, kada ka kira zagaye sai tazarar da ke gabanka ta ƙi daidaita ba tare da shi ba, kuma idan ka kira shi, dole ƙa'idar da ta fito ta bayyana kowane taki na jerin daga farko har ƙarshe, ba tare da an yi wa ko ɗaya uzuri ba. A R, V, A, G, N, gyara ɗaya muka yi, ragin 21 ya koma ƙarin 5, sai taki huɗun suka jeru 4, 5, 6, 7. Idan sai ka yi gyara a wurare uku kafin jerin haruffa biyar ya ba da ma'ana, ajiye wannan ƙa'idar, ka koma ka duba ko jeri biyu ne aka saƙa.